Kuɗin albasa sun maƙale a hanya: yadda takarda mai lamba ta sa banki ya yi magana

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Yamai zuwa Maraɗi cikin watan Maris ko Afrilu, in ya wuce Birnin Ƙonni da Malbaza, hancinsa ne zai fara sanar da shi cewa ya shigo ƙasar Dogarawa. A Galmi buhunan albasa na jere bakin hanya suna jiran manyan motocin da za su kai su Abijan, Ankara, Lome da Kwatano. Wannan fatauci kusan dukansa a kan amana yake tafiya. Manomi kan ba dillali kayansa ba tare da takarda ba, dillali ya ɗora wa mota, mai saye a bakin teku ya sayar sannan ya aiko da kuɗi. Tsakanin mutanen da suka san iyayen juna, kalma ta isa. Amma da zarar kuɗin sun shiga banki, sun shiga gidan da ba a san kowa da fuska ba, sai da lamba da kwanan wata. Nan ne mutanen kirki da yawa ke shan wahala, domin suna zuwa da al'adar kasuwa inda ake aiki da al'adar rajista.

Akwai wani dattijo a wannan yanki, dillalin albasa tun yana saurayi, wanda abin ya faɗa wa. Ya tara buhu 250 daga hannun manoma 11, ya aika wa wani abokin cinikinsa na shekaru a Abijan. Aka yi ciniki a kan jikka 18 kowane buhu, wato miliyan 4 da jikka 500 na sefa. Mutumin Abijan ya je bankinsa ya ba da umurnin a tura kuɗin cikin asusun dattijon a wani banki mai reshe a Ƙonni, ya ɗauki hoton takardar ya aiko ta salula. Irin wannan aike tsakanin ƙasashen sefa ba ya wuce ƴan kwanakin aiki, domin kuɗin da ba su kai miliyan 50 ba kan bi ta tsarin musayar bankuna da ake kira SICA-UEMOA, wanda Babban Bankin Yammacin Afirka ke tafiyarwa. Mako ya cika, asusu babu kome.

Cikin kwana 23 dattijon ya je Ƙonni sau huɗu. Kowane zuwa ya biya mota, ya bi layi, ya gaida yaron da ke gishe, ya nuna hoton. Yaron ya duba na'ura ya ce: «Alhaji, ba su shigo ba tukuna, a ƙara haƙuri.» Sau biyu ya buga talho a lambar da banki ya ware don masu koke, aka saurare shi da ladabi, aka ce za a kira shi. Ba wanda ya kira. A gida kuwa magana ta fara canza launi. Damina ta matso, manoma na son kuɗin iri da na ƴan ƙwadago, wasu na da biki a gaba. Wanda dā yakan zo ya zauna a sha shayi, yanzu sai ya turo ɗansa ya tsaya bakin ƙofa. Shi ma dattijon zuciyarsa ta fara raya masa cewa ko abokin nasa na Abijan ya yi masa wasa da hoto. Shirun banki ya kusa raba amana biyu a lokaci guda.

Ɗiyar ƙanensa, malamar lakkol ce a Malbaza, ita ta yi masa tambayar da ta juya al'amarin. Ta ce: «Baba, duk zuwan nan da kuka yi, me suka ba ku a hannu?» Ya ce ba su ba shi kome ba, amma ai sun san shi, shugaban wurin ma ya taɓa gaishe shi. Ta ce: «To Baba, a wurinsu har yau ba ku kai kuka ba.» Maganar ta yi masa nauyi, amma gaskiya ce. Koken baki ba ya da mai shi. Yaron gishe na ganin mutane masu yawa a yini, gobe a mayar da shi wani kujera, wanda ya amsa talho kuma yana can Yamai bai san Galmi ba. Ba mugunta ba ce ke kawo irin wannan shiru, rashin wanda aka ɗora wa alhaki ne. Abin da ba a rubuta ba, ba wanda za a tambaya dalilin da ya sa bai gama shi ba.

Akwai kuma doka a bayan maganar malamar. Hukumar Kula da Bankuna ta ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Yammacin Afirka, wadda aka kafa a 1990 kuma sakatariyarta ke Abijan, ta fitar da wata takardar umurni a 2020 mai lamba 002-2020/CB/C a kan yadda za a riƙa kula da koken masu hulɗa da bankuna. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne: banki ya shaida cewa ya karɓi koke, ya ba da amsa cikin lokacin da bai wuce wata guda ba, in kuwa bai amsa ba ko amsar ba ta gamsar ba, mai koke na da damar kai maganar gaban Hukumar. Sai dai watan nan guda daga ranar da banki ya karɓi koken ake lissafa shi. Kwana 23 na zirga-zirgar dattijon ba su shiga lissafi ba ko ɗaya, domin babu wata rana da aka buga wa hatimi.

Suka zauna suka rubuta wasiƙa da Faransanci, shafi guda kawai, da kalmar «Réclamation» a samanta, don kada a ɗauke ta a matsayin gaisuwa ko neman alfarma. Ta ƙunshi cikakken sunansa kamar yadda yake a katin shaida, lambar asusunsa, lambar salularsa, sunan wanda ya aiko da bankinsa, ranar aikawa, adadin kuɗin da alƙaluma da kuma haruffa, da lambar da ke jikin takardar aikawa. A ƙarshe buƙata ɗaya: a gaya masa a rubuce inda kuɗin suke. Dattijon ya so a saka labarin manoman da ke tsaye ƙofarsa da shekarun da ya yi yana ajiya a bankin. Malamar ta roƙe shi a bar su. Wanda zai karanta wasiƙar na da tarin wasu a gabansa, kuma abin da zai shigar cikin na'ura yake nema. In ya same shi a layi biyar na farko, aikin ya fara a ranar; in sai ya tono shi cikin shafi uku na ɓacin rai, sai ya ajiye zuwa gobe.

Aka yi kwafi biyu, aka haɗa da fotokofin katin shaida da na takardar aikawa. Asalin kowace takarda ya zauna gida. Da ya miƙa, yaron gishe ya ce: «Alhaji, ai ba sai da takarda ba, mun san maganar.» Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce: «Na sani ɗana, kuma na gode da ƙoƙarinka. Tsufa ne, mantuwa ta yi mini yawa. Ka taimake ni ka buga mini hatimi da kwanan wata a kan tawa, in samu abin nuna wa masu kaya.» Ba a ƙi wa mutum irin wannan roƙo. Aka buga hatimi, aka sa hannu, aka rubuta lambar koke a kusurwa. Wannan kwafi mai hatimi, wanda ma'aikata ke kira desharji, shi ne dukiyar mai koke. In wani reshe ya ƙi bugawa, hanyar da ta rage ita ce aika wasiƙar ta gidan waya da rajista, a riƙe takardar shaidar isarwa.

Ya kamata mai karatu ya bambanta lambobi biyu da mutane kan haɗa su wuri guda. Ta farko lambar aikawa ce, wadda bankin Abijan ya ba kuɗin. Da ita ake bin sawun kuɗi daga banki zuwa banki. Ta biyu lambar koke ce, wadda bankin dattijon ya ba wasiƙarsa. Da ita ake bin sawun aikin ma'aikata. Wanda ya kira ya ba da lambar aikawa kaɗai, za a duba asusunsa a ce ba su shigo ba, magana ta ƙare. Wanda ya ba da lambar koke kuwa, dole a buɗe dosiye, a ga ranar da aka shigar da shi da teburin da yake kwance. Malamar ta saya masa ƙaramin littafi irin na ƴan lakkol, ta rubuta lambobin biyu a shafin farko. Daga nan kowane kira da kowane zuwa sai an rubuta rana, wanda aka yi magana da shi, abin da ya ce, da ranar da ya yi alkawari.

Bin sawu ma yana da ƙa'ida. Mai zuwa kullum yakan zama kamar kujerar wurin, a daina ganinsa. Mai ɓacewa wata biyu kuma a ɗauka ya haƙura. Dattijon ya bar mako guda ya cika, sannan ya kira. Bayan gaisuwa ya karanta lambar koke, ya tambayi wanda dosiyen ke hannunsa da ranar da ya kamata ya sake kira. Aka ce ana dubawa. Ya ce madalla, zai kira ranar kaza, kuma ya kira a ranar. Da kwana 15 suka cika babu labari, ya hau mataki na biyu: wasiƙa ga shugaban reshe, mai ɗauke da lambar koke da ranar da aka karɓe shi, ita ma da nata hatimin. A wannan karo tambayar ta ƙara tsukewa. Shin kuɗin sun iso bankin ko ba su iso ba? In sun iso, suna ina? In an mayar da su, wace rana? Tambaya irin wannan ba a amsa ta da «a ƙara haƙuri».

A lokaci guda aka taɓo ɗaya bakin zaren. Wanda ya aika kuɗi shi ne ke da ikon sa bankinsa ya bi sawunsu, domin shi ya ba da umurnin. Dattijon ya kira abokinsa na Abijan, bai zarge shi da kome ba, ya roƙe shi ya nemo takardar da ke nuna an cire kuɗin daga asusunsa da ranar da bankinsa ya tura su. A nan ake gane mai gaskiya. Takardar umurni da mutum ya cike da hannunsa ba ta tabbatar da kome, kowa na iya cike ta ya ɗauki hoto ya fita. Abin da ke tabbatarwa shi ne shaidar cirewa daga asusu. Bayan kwana huɗu mutumin ya aiko da ita: an cire miliyan 4 da jikka 500 tun ranar farko, kuma ba a mayar masa da ko dala ba. Zargi ya faɗi, abota ta tsira, aka kuma san cewa kuɗin na wani wuri tsakanin bankunan biyu.

Wata ya cika shugaban reshe bai ba da amsa a rubuce ba. A kwana na 31 dattijon ya hau mataki na uku, wato sashen kula da koke na babban ofishin bankin a Yamai. Kafin ya aika, ya shiga wurin shugaban reshe ya gaishe shi, ya ba shi kwafi da hannunsa, ya ce: «Ranka ya daɗe, ba ƙararka na kai ba. Na ga abin ya fi ƙarfin nan ne, na ce bari in taya ka tura shi sama.» Wannan ba ladabi kaɗai ba ne, dabara ce. Kowace amsa daga Yamai ta wannan reshe za ta biyo, kuma mutumin da aka tsallake ba da saninsa ba yakan zama dutse a hanya. Wasiƙar ta jera ranakun da ke cikin ɗan littafin nan ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa kwafin takardu biyu masu hatimi da shaidar Abijan, ta ambaci lambar takardar umurnin 2020. Jimlar ƙarshe ta ce in kwana 10 suka wuce babu amsa, zai miƙa dosiyen ga Hukumar Kula da Bankuna kamar yadda doka ta ba shi dama. Babu zagi a ciki, babu barazanar rediyo, babu sunan wani babba da ya sani.

A kwana na 37 salularsa ta yi ƙara. Wata ma'aikaciya daga Yamai ta karanta masa lambar kokensa, ta yi masa bayani. Kuɗin sun iso tun kwana na uku da aikawa. Lambar asusu daidai take, duk alamominta 24: biyar na banki, biyar na reshe, 12 na asusu, biyu na tantancewa. Sunan ne bai dace ba. Mutumin Abijan ya rubuta laƙabin da duk kasuwa ta san dattijon da shi, alhali asusun na ɗauke da sunan yanka da na mahaifi. Da lamba da suna suka saɓa, banki bai zuba kuɗin ba, bai kuma mayar da su ba. Ya ajiye su a asusun jira, inda ake tara kuɗin da ba a tabbatar da mai su ba. Yaron gishe bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya: asusun dattijon yake dubawa, kuma can babu su. Abokin ciniki ya koma bankinsa ya sa aka aiko da gyaran suna. A kwana na 42 da buga hatimin farko kuɗin suka shiga, kwana 65 ke nan daga ranar aikawa.

Irin wannan saɓanin suna ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ake rubuta suna guda ta hanya uku ko huɗu, Mahamadu a wannan takarda, Mamman a waccan, kuma mutum ya shekara 40 ana kiransa da sunan garinsu ko na sana'arsa. Maganinsa mai sauƙi ne: kafin a aiko da kuɗi, a nemi banki ya ba da takardar shaidar asusu da ake kira RIB, a aika wa mai biya hotonta, a ce ya kwafe ta harafi da harafi. Alamar da ke nuna kuɗi sun maƙale a irin wannan wuri ita ce a ga an cire su can, ba su dawo can ba, ba su kuma shiga nan ba bayan mako guda. Wanda ya ga haka ya rubuta koke a ranar, ya tambaya musamman a duba asusun jira.

Wannan hanya tana da iyakarta, kuma gara a san ta. Ba ta fito da kuɗin da ba a taɓa aikawa ba. Wannan rigima ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, wurinta gaban shaidu ko alƙali. Ba ta aiki ga kuɗin da aka ba wani ɗan kasuwa a Abijan don ɗan'uwansa ya biya a Ƙonni, domin a nan babu rajista, babu na sama da za a kai wa kuka. Hukumar Kula da Bankuna kuma ba ta karɓar koken da ba a fara kai wa bankin kansa ba, haka nan ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, saboda haka mai gaggawar sammaci ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Wanda ya kai matakin rubuta mata, sunan da zai sa a bayan ambulan shi ne «Commission Bancaire de l'UMOA», Abijan, ya haɗa kwafin duk takardunsa masu hatimi. Dattijon bai kai ga wannan mataki ba. Sanin cewa ya san da shi ya isa.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, da ya nemi wani ɗan garinsu mai aiki a Yamai da an gama cikin kwana biyu. Watakila. Amma alfarma bashi ce, kuma ba kowane manomi ke da ɗa a babban birni ba, alhali takarda mai hatimi kowa na iya samunta da kuɗin fotokofi. Ta kuma yi wa dattijon wani amfani da alfarma ba za ta yi ba. Tun ranar da aka buga hatimin farko ya tara manoman nan 11, malamar ta karanta musu wasiƙar da Hausa, suka ga lamba da rana da idonsu. Ba su daina matsuwa ba, amma yawancinsu sun daina zargi. Biyu daga cikinsu sai da suka ci bashi suka yi shuka, ɗaya kuma da kaka ta zagayo ya kai albasarsa wurin wani dillali, bai dawo ba har yau. Wannan ita ce hasarar kwana 23 na farko, kuma babu ofishin da ke biyan irinta.

Saboda haka, jama'a, wanda haƙƙinsa ya maƙale a banki ya yi gaisuwarsa cikakkiya kamar yadda aka koya masa a gida, amma kada ya fito sai da hatimi, rana da lamba a hannunsa. Ya ba kowane mataki lokacinsa, ya sanar da na ƙasa kafin ya je wurin na sama, ya cika kowace ranar da ya ce zai dawo. Allah shi kiyaye dukiyar bayinsa, shi ba manoma damina mai albarka.